Bokitin da ke Yoyo

Banɗaki ɗaya gare mu a gidan nan, shi ma ɗin idan mutum ya miƙa hannuwansa sai ya taɓo bango biyu. A cikinsa 'yarmu ta kulle kanta da sassafe ranar jarrabawarsu, da kayan makaranta a jikinta, ta ce ita da makaranta har abada.

Na buga, na yi lallashi, na yi barazanar kiran kafinta. Ko tari ba ta yi ba.

"To sai ki kwana nan," na ce. "Amma ki sani mu ma mutane ne, muna da ciki."

Abin da ya jawo haka na ji shi tun jiya. Babanta ne malamin lissafinsu. Yana koya musu lambobin da ke ƙasa da sifili, masu alamar ragi a gaba, ya sa aji ya yi ta rerawa: ragi sau ragi, ƙari ne. Ita kuwa uwar tambaya ta ɗaga hannu ta ce don me. Ya ce ta haddace kawai, ba ita ta ƙirƙiro lissafi ba. Ta sake cewa don me. Sai ya ce, "Zauna, Hajiya Don-me." Aji ya kwashe da dariya, kafin a tashi sunan ya bi ta har bakin ƙofar makaranta.

Da wani malami ne, da tuni na yafa mayafi na je na wanke shi tas. To wa zan je in wanke? Mutumin da nake goge wa riga? Kuma ba inda za mu kai ta. Gidan na makarantar ne, karatunta kyauta ne don 'yar malami ce, ajin lissafi kuma ɗaya ne. Idan ba ta rubuta jarrabawar nan ba za ta maimaita shekara, a gaban uban nata dai, da sunan a wuyanta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan sauke wa.

Malam ya zo ya tsaya a ɗan lungun da ke tsakanin banɗaki da kicin, inda mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"Mamana, buɗe mu yi magana."

"Ka faɗa mini don me, sai in buɗe."

Ya gyara murya. "Kin ga, maƙiyin maƙiyinki ai abokinki ne."

"Ƙarya ne, Baba. A ajinmu akwai mu uku, kowa ba ta shiri da kowa."

Dariya ta kusa ƙwace mini, na toshe baki da gefen zane. Shi kuwa gumi ya fara tsattsafo masa. Ya duba agogo, ya zaro biro, ya tsuguna da wandonsa mai karin guga ya yi rubutu a bayan takardar ɗinkina da na yanke samfurin hannun riga. Ya tura ta ƙarƙashin ƙofa.

"Karanta mini."

Ta fara karantawa daga ciki. "Uku sau ragi biyu, ragi shida. Biyu sau ragi biyu, ragi huɗu. Ɗaya sau ragi biyu, ragi biyu. Sifili sau ragi biyu, sifili."

"Me kika gani?"

"Amsar tana hawa da bibbiyu."

"To sauka ƙasa da sifilin. Ragi ɗaya sau ragi biyu?"

Can ta ce, "Biyu. Sai huɗu. Sai shida."

Malam ya waiwayo ya dube ni kamar wanda ya ci kofi. Na fara murna, har na kama hannun ƙofa. Sai ga takardar ta dawo ta ƙasa.

"Wannan ai bin layi ne. Na ga inda ya nufa, amma ban ga dalili ba. Me ake nufi da yin abu sau ragi uku? Wa ya taɓa yi?"

Nan fa ya zauna daɓas a kan siminti, ya jingina da ƙofar. Tun da na aure shi ban taɓa ganin an yi masa tambayar lissafi ya yi shiru ba. Lungun ya yi zafi, ba taga, ba iska. Shi a waje, ita a ciki, ni a tsaye a kansu na kasa gaba na kasa baya. Daga nesa muna jin hayaniyar yara suna shiga makaranta.

Ruwa ne ya katse shirun. Ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa masa wando. Bokitin nan ne mai tsaga a gindi, wanda na gaji da yi masa magana a kai.

"Ga shi nan," na ce. "Ko yau ka ji a jikinka ka sayo sabo."

Bai ma ji ni ba. Ya zuba wa ruwan ido, ya daɗe. Sannan ya juya ya manna bakinsa da ƙofa.

"Mamana, bokitin yana kusa da ke? Ɗauki sabulu ki ja layi daidai inda ruwan yake yanzu. Wannan layin shi ne sifilinmu. Sama da shi ƙari, ƙasa da shi ragi."

Muka ji motsi. "Na ja."

"A ce duk minti ɗaya ruwan yana sauka da faɗin yatsa biyu. Sauka yake, ba hawa ba. Yaya za ki rubuta?"

"Ragi biyu."

"Nan da minti uku, ina zai kasance?"

"Yatsa shida ƙasa da layin. Ragi shida."

"Uku sau ragi biyu ke nan. To lokaci ma yana da sifilinsa, shi ne yanzu. Idan abin da ke gaba ƙari ne, minti uku da suka wuce fa?"

"Ragi uku."

"A lokacin ina ruwan yake?"

Na ji numfashinta ta jikin katako. Ni da kaina, da ban wuce awon ƙugu da tsawon hannu ba, na hango ruwan yana komawa cikin bokitin yana hawa.

"Sama," ta ce a hankali. "Yatsa shida sama da layin. Lokacin bai zube ba tukuna." Sannan ta ce da ƙarfi, "Abin da yake raguwa, idan ka koma baya, ai ya fi yawa! Shi ke nan fa?"

"Shi ke nan. Ragi uku sau ragi biyu, shida."

Na jira ƙarar sakata. Ba ta zo ba.

"Baba, to me ya sa jiya ba ka faɗa haka ba? Me ya sa ka bar su suka yi mini dariya?"

Na san amsoshin da yake da su, don kullum da su yake dawowa gida: yara sun yi yawa, lokaci ba ya isa, mai makaranta yana son a gama manhaja. Duk gaskiya ne. Ya dubi jiƙaƙƙen wandonsa.

"Jiya ban sani ba, Mamana. Ni ma haddacewa aka ce in yi."

Tausayinsa ya kama ni har na kawar da kai. Sakata ta yi ƙara. Ta fito da jajayen idanu, safarta sharkaf, rungume da bokitin yana ɗiga. Ta miƙa masa.

"Kafin a raba takardu ka nuna musu. Kuma ka ce ni na tambaya."

Ya san mai makaranta ba ya son a taɓa masa minti ɗaya na jarrabawa, ni ma na sani, kuma gidan da muke ciki nasa ne. Ya karɓa.

Ta tagar kicin na bi su da kallo. Tana gaba, yana biye da jiƙaƙƙen wando, ruwa yana ɗiga a bayansu tun daga ƙofarmu har kwanar makaranta. Sai da suka ɓace na tuna ko wanka ban yi ba, kuma ba ni da wani bokitin.