Malam Zakiyyu, Allah Ya Ƙara Masa Lafiya

Labarin rasuwar Malam Zakiyyu a ajin manyan mata na Islamiyyarsu ta Makarfi ya sami Hajiya Mukarrama, tana cikin gyara wa wata tsohuwa karatun Tabara. Zaituna mai awara ce ta shigo da shi, ta raɗa wa ta kusa da ita, ta kusa da ita ta saki salati, kafin a ankara rabin ajin ya ajiye Alƙur'ani yana share hawaye.

Hajiya Mukarrama ma ta rufe Alƙur'anin da ke gabanta. Malam Zakiyyu ne ya koya mata Larabci a zaurensa na Nasarawan Doya, tun tana amarya, zamanin da ake cewa mace idan ta iya abin salla ya ishe ta. Tsufa ya kama shi, 'yarsa Huseina ta ɗauke shi ta koma da shi wani ƙauye bayan Hunkuyi. Bai taɓa yarda ya riƙe waya ba, ta Huseina kuwa sai ta hau tudu take shiga. Kullum Hajiya tana cewa za ta je gaishe shi, kullum wani abu na tsare ta.

Amma ta koyar a firamare har ta yi ritaya, ta kuma saba da tambayar yaro inda ya samo amsarsa. Ta tambayi Zaituna wa ya halarci jana'iza. Babu. Wa ya yi magana da 'yan gidan? Babu. To a ina aka ji?

"A littafi, Malama," in ji Zaituna. "A rubuce yake. Ai ba a buga ƙarya a littafin sauka."

Littafin da take nufi ɗan ƙarami ne, wanda makarantar ta shirya don walimar saukar Alƙur'ani. A ciki akwai salsalar malaman da karatun makarantar ya biyo ta hannunsu. Asalinta da Larabci take, kuma Hajiya Mukarrama da kanta ta mayar da ita Hausa da Turanci saboda iyaye da baƙi. Ta san abin da ta rubuta sarai. Malamai shida da suka rasu ta jera su, ta yi musu addu'a ɗaya a ƙarshe, Allah ya jiƙan su. Sai ta bar fili, ta rubuta Malam Zakiyyu shi kaɗai, Allah ya ƙara masa lafiya, domin a Larabcin hafizahullahu ne a bayan sunansa, addu'ar da ake yi wa mai rai.

Da aka miƙo mata wanda aka buga, sai da ta gyara tabarau. Kowane suna yana jan wutsiya uku: rahimahullahu da baƙaƙen Larabci, sannan Allah ya jiƙansa, sannan wasu haruffa biyu, R da A. Sunayen kansu sun nutse, sai ka nema. Na bakwai ma haka, ba bambanci. A shafin Turanci kuwa har an ƙara masa kalmarsu ta marigayi a gaba.

Ta san kuskure na iya yin haka. Ta kuma san mutumin ya haura tamanin da nisa, kuma tun da ta ba da aikin an sha kwanaki. Mai yiwuwa wani ya ji abin da ba ta ji ba, ya gyara.

Ta fara da shugaban makarantar, Malam Labaran, wanda ta koyar tun yana zuwa aji da majina. Ya ce shi ma a littafin ya gani, har ya sa matan ajin su shirya tafiya ta'aziyya gobe. Abin da ya sani kawai, da ya duba aikinta sai ya ga kamar an yi wa malamai rowa, mutum shida da addu'a ɗaya kamar ana raba kwanon tuwo. Shi ne ya gaya wa mai ɗab'i ya ba kowa haƙƙinsa a bayan sunansa, da Larabci da Hausa, a kuma sa haruffan saboda 'yan boko.

Ta tambaye shi R da A ɗin me suke nufi. Ya ce radiyallahu anhu. Ta ce wannan ta Sahabbai ce. Ya ce to, rahmatullahi alaihi. Ta ce ya zaɓi ɗaya mana, tunda shi ya sa a rubuta. Ya sosa ƙeya, ya ce yana da baƙi a ofis.

Washegari da sassafe ta hau motar Ikara. Shagon Saminu mai ɗab'i cike yake da katunan biki da kalandu, shi kuma dattijo ne mai fara'a, ya shimfiɗa mata gaisuwa har ta gaji da amsawa. Da ta zo kan magana bai ɓoye komai ba. Ya ce an ce a bi kowane suna da addu'a, shi kuma ya rubuta ta farko, ya kwafa, ya yi ta liƙawa har ƙasa. Da ya zo shafin Turanci ya ga kowa Allah ya jiƙansa ne, sai ya sa wa kowa marigayi don a daidaita. Malam Labaran ya duba kafin a buga, ya ce ya yi kyau.

"Amma kada ki damu, Hajiya," ya ce, "daga baya zuciyata ta ɗan yi shakka, sai na bincika. Gaskiya ne, ya rasu."

"Wa ya tabbatar maka?"

"Wani direba ɗan Makarfi."

"Shi kuma a ina ya ji?"

Saminu ya ajiye katin da ke hannunsa. Can ya ce, a hankali, direban ya ce matarsa ce ta gani a littafin sauka.

Hajiya Mukarrama ta yi dariyar da ba ta shirya ba, har sai da ta dafa tebur. Amma dariyar ba ta kai zuci ba, domin har yanzu ba wanda ya gaya mata mutumin yana da rai. Ta hana Saminu buga sauran kwafin sai ta dawo, ta sake bin hanya, ta ratsa Makarfi ba ta sauka ba, ta wuce Hunkuyi. Daga nan ɗan acaba ya ɗauke ta ta cikin gonakin rake, tana riƙe da mayafi da hannu ɗaya, tana addu'a da duk kalmar da ta zo bakinta, ta masu rai da ta matattu.

Tun daga nesa ta fara duba ƙofar gidan. Ba tabarmi, ba taron maza, ba buta a jere. Akuya ce kawai a ɗaure tana cin harawa.

A tsakar gida ta same shi, a inuwar mangwaro, ya miƙe ƙafa, Huseina ta yanka masa rake ƙanana a kwano yana tsotsa da 'yan haƙoran da suka rage. Ta durƙusa, ta ce Allah gafarta Malam. Ya ƙura mata ido, ya gane ta, ya ce ashe Mukarrama tana tuna hanya. Ya tambayi gida, da yara, da jikoki, da damina, ita kuwa tana amsawa tana kuka tana dariya, har Huseina ta tsaya da wuƙa a hannu tana kallon ta.

Da ta ba da labari ta miƙa masa littafin, sai ya kai shi kusa da hanci ya karanta. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Tun ina saurayi kuke ce mini Allah gafarta Malam, ba wanda ya kawo mini likkafani. Yau an roƙa mini rahama sau uku a layi ɗaya, sai ku ce na mutu?"

Ya ce rahama ai mai rai ma yana buƙatar ta, ba laifi ba ne a roƙa masa. Mutane ne dai suka saba, idan suka ga rahimahullahu sun san an tafi, idan suka ga hafizahullahu sun san ana nan, kuma mai rubutu ba ya faɗa da abin da mai karatu ya saba. Ya tambaye ta yadda ta tsara nata. Ta gaya masa: sunan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, duk inda ya zo ta cika salatin, ba ta gutsure shi zuwa haruffa, a shafin Turanci kuma ta sa ɗan tambarin nan na Larabci da mai karatu zai gani ya furta. Sahabi idan ya fara zuwa, Allah ya yarda da shi; idan sun zo a jere, Allah ya yarda da su. Kuma kowane shafi da harshensa ɗaya.

Ya gyaɗa kai. Ya ce addu'a idan ta yi cunkoso ido tsallake ta yake yi, shi ya sa Labaran ya duba bai ga an binne malaminsa ba. Sai ya roƙi alfarma ɗaya, a bar masa wannan kwafin.

"Ku gyara na mutane. Wannan ajiye shi zan yi, ba ya lalacewa. Ranar da ta zo ba sai an sake biyan Saminu ba."

Huseina ta ce Baba ya daina irin wannan magana. Ya ce to ta ƙaro rake.

Suna cikin haka aka ji tsayuwar mota a waje, da sallama ƙasa-ƙasa irin ta gidan makoki. Matan Islamiyya ne, Zaituna a gaba, da kulolin shinkafa da wake da buhun ruwa, Malam Labaran a baya ya sunkuyar da kai. Zaituna ta shigo ta fara cewa ya haƙuri, sai idonta ya faɗa kan mamacin yana tsotsar rake. Kular da ke hannunta Huseina ce ta tare ta.

Malam Zakiyyu ya amsa gaisuwar kowa, ya gode musu da zumunci, ya ce tunda abincin sadakarsa ne, shi ya fi cancanta ya fara. Aka zuba masa. Maƙwabta suka ji hayaniya suka leƙo, aka shimfiɗa tabarmin da ba a shimfiɗa ba da safe, yara suka yi layi da kwanoni. Malam Labaran ya matso kusa da Hajiya Mukarrama ya ce gobe zai je Ikara da kansa, a mayar da shafin yadda ta rubuta. Ta ce ya tafi da nata rubutun a hannu, kuma ya karanta har layin ƙarshe.

Da la'asar ta yi, wata daga cikin matan ta hau tudun bayan gida inda waya ke shiga, ta kira Makarfi. Malam Zakiyyu yana da rai. Ya ci shinkafa ya nemi ƙari, ya kuma ce zai zo walima idan an aiko mota.