Inda Ayari Yake Kwana

Sau biyu Jan Biro yana dawo wa Auta da tsarin takardarta. Haka ɗalibai ke kiran malamin tarihin addinai, don bai taɓa sayen biro mai wani launi ba. Ya ce in na uku bai yi ba kafin sha biyun ranar Laraba, sai ta jira baɗi, ƙawayenta su kammala su bar ta.

Taken dai bai da laifi: yadda fatauci da zumuncin malamai suka yaɗa Musulunci. Ta kasa shi uku, hanyar Sahara, hanyar siliki, hanyar Tekun Indiya, kowace da taswira da kibiyoyi kamar ana yaƙi. A ƙasa malamin ya rubuta layi ɗaya: "Na ga raƙuma. Ina mutane?"

Safiyar Laraba ta baza takardun a teburin falo, ta tasa su gaba kamar mai zaman makoki. Kawunta, wanda ya shekara talatin yana jan babbar mota kafin gwiwa ta yi masa ritaya, ya ɗora kofinsa a kan Tekun Indiya, ya nemi a karanta masa. Ta karanta don kunya kawai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko waɗannan fatake nata ba sa kwana.

"Kawu, wannan fa tarihi ne."

"Tarihin ba ya sauke kaya? 'Yar nan, ni ban taɓa yin aboki ina gudun tamanin ba. Duk wanda na sani, a wurin jiran lodi na san shi."

Ta buɗe baki za ta yi masa bayani irin na 'yan jami'a, sai ta tuna abin da ta karanta ta wuce. Jiragen Tekun Indiya iska ce ke tura su, kuma iskar takan yi watanni tana busawa gefe guda kafin ta juya. Wanda ya sauka a tashar Kilwa ko ta Malaka dole ya zauna jiranta. Ta gaya wa Kawu. Ya ce namiji mai jiran wata huɗu a garin mutane, ko ya yi aure ko ya yi rigima, yawanci duka biyun.

Ta juya bayan takarda ta fara sabon tsari, ta bar hanyoyi ta kama masaukai. Kashi na farko, abin da ke zaunar da baƙo: iska, lokacin tashin ayari, cinikin gishiri da zinariya. Na biyu, abin da zaman ke haifarwa: unguwar baƙi, masallaci, aure, 'ya'ya masu harshe biyu. Ta tuna babban birnin tsohuwar daular Gana, da aka ce gari biyu ne, na sarki da na fatake Musulmi.

Kawu ya ce saura mai raba faɗa, don bai taɓa ganin tashar da ba ta da shi ba. Nan malamai suka shigo kashi na uku. Fatake na buƙatar liman, da alƙali mai hukunci iri ɗaya da na garin da suka baro, da marubuci. Sarki ya ga amfanin rubutu ya ja malamin fada, sau da yawa fada ta musulunta talakawa ba su bi ba sai bayan ƙarnoni.

Kashi na huɗu ita ta kawo shi da kanta, har tana jin haushin rashin ganinsa tun farko. Ɗan gari ya bi ayarin nan zuwa Timbuktu ko Alƙahira, ko ya tsaya karatu a hanyar hajji. Ya dawo da littattafan da ya kwafa da hannu, da ijaza, wato shaidar malaminsa mai jera sunayen waɗanda aka karɓo karatun daga gare su. Daga ranar da ya buɗe makaranta, addinin ya daina zama na baƙi. Na biyar ta ware shi ga abin da ciniki bai bayyana ba: yaƙe-yaƙe, ɗariƙun sufaye, da garuruwan da suka yi ciniki ɗaruruwan shekaru ba su sauya addini ba.

Sha biyu saura kwata ta miƙa sabon tsarin a ofishin malamin. Jan Biro ya karanta a tsaye, ya cire murfin biron, ya yi ta neman abin yanka kamar mahauci ranar da babu dabba. A ƙarshe ya sami layi ɗaya a ƙasan shafi, inda ta sa madogarar kashi na biyu: hira da tsohon direba. Ya ce ta nemo rubutacciyar hujja, ta fara da labaran matafiya da ijazozi. Ya tambaya ko direban na da digiri. Ta ce lasisi gare shi.

Ya soke layin, ya sa hannu, ya ce ta kawo babin farko bayan mako uku.