Rabin Kwalbar Lemo

Baba Mai Aski ya aske rabin kan wani direba ke nan ya ji abin ya zo. Zuciya ce ta fara, ta shiga bugawa da sauri kamar mai bubbuga ƙofa. Sai zufa ta karyo masa, alhali fanka na juyawa a saman kansa. Ya dubi hannunsa, ya ga kilifar askin tana rawa kusa da kunnen mutumin.

Ya san ko mene ne. Ya daɗe yana fama da ciwon sukari, kuma tun da likita ya ɗora shi kan allurar insulin ya ja masa kunne: in ka ji rawar jiki da gumi da bugun zuciya, sukarinka ne ya faɗi, ka sha abu mai zaƙi nan take. Yau da safe ya yi allurarsa kamar kullum, amma abin da aka ajiye masa na karin kumallo ko kyanwa ba zai ƙosar ba. Ga layin masu jiran aski ya hana shi zama har rana ta take.

Ya kashe kilifa, ya cusa hannu a aljihu yana laluben alewa. Wayam! Ya janyo durowa, ita ma ba komai sai tsofaffin reza.

Ai bai ma tsaya tambayar wanda ya kwashe ba. Aikin babbar 'yarsa ne, wadda yake kira Hukuma. Tun da uwarta ta rasu ta ɗauki kanta mai gadin bakinsa. Ta yi wa sukari korar kare daga gidan, ta rage masa cin abinci, kuma ta rantse in ta ƙara ganin hannunsa na rawa a bakin aiki, shagon nan rufe shi za a yi, ya koma gida ya zauna. Shi kuwa zaman gida da kabari duk ɗaya ne a wurinsa.

Direban ya dube shi ta madubi. "Baba, lafiya? Haka za ka bar ni, rabi gona rabi daji?"

"Zauna nan, ba gudu zan yi da sauran gashin ba."

Ya fita yana dafa bango zuwa shagon Dogo, maƙwabcinsa mai sayar da kayan masarufi. Taku kaɗan ne, amma gwiwoyinsa sai lanƙwashewa suke.

"Dogo, ba ni lemo. Mai zaƙi. Maza."

Dogo ya sosa ƙeya. "Baba, wallahi Anti ta hana. Cewa ta yi in na sayar maka da kayan zaƙi, ni da ita ne. Ga dai wannan marar sukari, shi ta ce..."

"Marar sukari! Sukarin nake nema, kai kuma kana miƙo mini ruwa mai kala? Kai, tsawon nan naka bai kai ga ƙwaƙwalwa ba ne?"

Baba ba mai zagi ba ne, abin ne ke sa shi faɗa, kuma shi ma ya ji hakan a bakinsa. Bai da lokacin ba da haƙuri. Ya ture Dogo gefe, ya buɗe firji da kansa, ya zaro kwalba. Sau biyu mabuɗi na suɓuce masa, a na uku murfin ya tashi.

Kwalbar na dab da bakinsa aka riƙe ta. Hukuma ce, ta kawo masa abincin rana a kula, ta tarar da abin da ta fi tsoro a duniya: ubanta jiƙe da gumi, yana makyarkyata, ga lemo a hannunsa.

"Haba Baba! Haba! Dubi yadda jikinka ke rawa, kuma wannan za ka ƙara a kai? So kake ka bar mu kamar yadda Mama ta bar mu?"

"Sakar mini kwalba."

"Wallahi ba zan saka ba. Sukarinka ne ya hau."

"Sauka ya yi! Ke da ni wa ke cikin jikin nan?"

Mutane suka fara taruwa. Direba ma ya fito da ƙyallen aski a wuya da rabin kai, ba wanda ya samu sukunin yi masa dariya. Wata mata ta ce a yi masa fifita, wani ya ce ai tsofaffi haka suke, sai an yi musu da gaske. Wannan maganar ta ƙona wa Baba rai fiye da komai. Shi da ya ciyar da gida da hannun nan, yau shi ake yi wa da gaske?

Ya damƙe wuyan kwalbar da hannu biyu. Leɓɓansa sun fara yin wani iri, fuskar 'yarsa na neman rabuwa biyu.

"Na'urar gwajin tana jakarki, ai kin ƙwace ta ita ma. Ciro ki gwada. Amma ki sani, kina gwadawa ina sha. Ba izini nake nema ba."

Ya fizge. Ya kafa kai ya sha, lemon na zuba ta gefen gemunsa, har ya kai rabi, sannan ya dire kwalbar a kan kanta ya zauna a bencin Dogo. Hukuma na hawaye ta ciro na'urar, ta soki ɗan yatsansa, ta ɗiga jinin. Lamba ta fito: hamsin da huɗu. Ta san likita ya ce ƙasa da saba'in haɗari ne. Ta dai ji maganar a ranar da aka ɗora shi kan allurar, amma duk hankalinta na kan hawan sukari, saukarsa ba ta taɓa ba ta tsoro ba.

Ta durƙusa ta kama wuyan hannunsa. Jijiyar na harbawa a ƙarƙashin yatsunta kamar za ta tsinke, fatar kuma sanyi ƙalau da gumi.

"Baba, ƙarasa shanyewa."

"A'a. Rabi likita ya ce. A jira minti goma sha biyar, a sake gwadawa. In bai tashi ba na ƙara."

Suka jira. 'Yan kallo suka watse da suka ga ba faɗuwa za a yi ba. Sannu a hankali rawar ta lafa, bugun ya sassauta, idonsa ya washe. Gwaji na biyu ya haura tamanin. Ya buɗe kular da kansa, ya dubi ɗan abin da ke ciki, ya dube ta, ya ce wa Dogo ya ƙaro burodi. Ya ci ya ƙoshi, domin allurar tana nan tana aikinta a jiki.

"Ni na kwashe alewar," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Na sani. Yau za ki maido ta, da na'urar. Gobe kuma mu je wurin likita tare, ki ji da kunnenki yawan abincin da allurar nan ke so."

"To. Amma Baba, shagon nan... da rezar ce a hannunka fa? Da a ƙasa na same ka? Ka dawo gida, don Allah. Ni zan riƙe ka."

Ya ji tausayinta har cikin ransa, domin ya san tsoro ne ke magana da bakinta. Amma tausayi bai sa ya ce to ba.

"Jikina na yi mini sallama kafin ya kayar da ni, kuma ina amsawa. Yau ma na ajiye kilifa kafin ta taɓa kowa. Abin da ya kusa kayar da ni, hana ni da aka yi ne. Ciwon nan nawa ne, 'yata. Ki taya ni, kada ki ƙwace."

Ya miƙe. Har yanzu tana riƙe da wuyan hannunsa, yatsunta a kan jijiyar, ta kasa ɗagawa.

"Sake ni," ya ce a hankali. "Da wannan hannun nake aski."

Ta riƙe na ɗan lokaci, sannan ta saki.