Ganuwar Gonar Hamani

Taurin kai ne ya ci Hamani. Shekarar 'yancin kai, hukumar kayan tarihi ta sanar za ta sa tsohuwar ganuwar da ta ratsa gonarsa, wajen Kaoje, ƙarƙashin kariyar doka.

Hakimi ya ce masa, "Ganuwa tana nan taka, amma in wa'adin da hukuma ta ba da ya cika, ba ka taɓa ta sai da izni. In kana da ƙorafi, kai shi yanzu."

"Ranka shi daɗe, in roƙi izni bisa ƙasar kakana? Ban yi!"

Wa'adi ya wuce. Hamani ya sare ganuwar, ya buga tubalin rumbu da ƙasarta. Kotu ta ci shi tara, ya ƙi biya, aka ɗaure shi. Damina guda ta wuce shi, shinkafarsa ta ruɓe a fadama, rumbun ya tsaya wayam.