Damata Ba Damarta Ba

Shekara talatin da ɗaya ina gadin gidan nan. Ambaliya ta zo ta tarar da ni, ɓarayi sun zo sau biyu sun koma da gudu. Ban taɓa zama a aji ba, amma babu bututun da ban san inda ya bi ba.

Da mai gidan ya rasu, 'ya'yansa suka sa gidan a kasuwa. Wanda ya saya, shi zai ce in zauna a ɗakina na bakin ƙofa ko in naɗe tabarmata.

Dillaliya ta zo da waya da takarda. Wai wata likita ce ke so, tana can nesa, sai dai ta gani a bidiyo.

"Baba, ni zan ɗauka, kai za ka yi bayani. Ga abin da za ka faɗa, minti biyu kacal."

"'Yata, riƙe takardarki. Ni za a koya wa gidan nan?"

Na tsaya gaban waya, na gyara hula, na zuba bayani. Aka tura. Washegari dillaliya ta dawo tana dariya har da hawaye, ta kunna mini muryar likita: "Tsohon ya ce kicin na dama. Ni kuma banɗaki na gani a dama. A nan ake girkin?"

Ashe da na fuskanci waya, damata ta zama hagunta.

"Ka kuma ce 'can' sau tara, Baba, kana nuni da baki," in ji dillaliya.

"To bakin nawa bai nuna daidai ba ne?"

Na haɗiye fushina muka zauna a baranda. Tana karanto takardarta, ina gyara mata. Mu fara daga titi a ga ƙofa. In koma bayan waya, inda ta duba nan nake duba. A faɗi sunan ɗaki kafin a shiga, da tsawonsa da faɗinsa. A zagaya sau ɗaya, ba komawa baya. Ni na ce a buɗe famfo a ga ƙarfin ruwa, a kuma nuna tabon yoyon da ke silin ɗin falo, kada matar mutane ta zo ta ce mun ɓoye.

Layi goma sha biyu ne. Karatu biyu ta yi mini na haddace. Da hantsi muka buɗe tagogi, ɗauka ɗaya muka gama.

Bayan kwana uku likita ta kira dillaliya, ta ce a ba ni wayar.

"Baba, yanzu ko ido rufe zan kai kaina kicin. Yayana zai zo ya duba ranar Asabar. In mun daidaita, za ka ci gaba da riƙe mini gidan?"

Na ce mata sai na yi shawara. Dillaliya ta harare ni.

"Na gama shawarar," na ce. "Ki ce masa ya zo da wuri."