Ranar da Aka Sayar da Kamfanin su Auta

'Yata Auta ta gayyace ni ofis ranar da aka sayar da kamfanin da take wa aiki. Tun rasuwar uwarta ba na zuwa taro, amma na je. Shekara huɗu tana karɓar rabin albashi, a madadin sauran aka ba ta damar sayen hannun jarin kamfanin a kan tsayayyen farashi. Da ribar take shirin barin gidan haya.

Lauyan kamfanin ya miƙe, muryarsa kamar ta likitan yara. Ya ce bisa yarjejeniya masu zuba jari za su fara cire kuɗinsu. Ragowar in an raba, kason kowane hannun jari bai kai farashin da Auta za ta saye shi ba.

"Wato in biya, in yi asara?" in ji ta.

"Ba dole ba ne, Malama. Dama ce."

Na karanta tarihin ɓarayi iri-iri, ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Ko ƙarya ɗaya bai yi ba. Har tafa masa aka yi.

"Baba, rufe bakinka mu tafi," Auta ta raɗa min. "Gobe zan nemi inda ake biyan cikakken albashi."