Butar da Ta Zo a Fashe

Tela ya rubuta wa mai kasuwar intanet shafi biyu na tsinuwa, saboda butar lantarkin da ya saya ta zo a fashe. Ƙanwarsa ta karanta, ta ja tsaki.

"Yaya, ka zage shi har kakanni, amma ba ka faɗi abin da ka saya ba."

Ta goge komai, ta sa lambar oda, ranar da kayan suka iso, hoton butar da kwalinta, ta ba da kwana bakwai a mayar da kuɗin.

Tela ya taɓe baki. "Wannan ai roƙo ne."

Ran kwana na uku kuɗi suka shigo. Ya gyara hula, ya ce, "Sun ji tsorona."